An Cire a Banki, Bai Shiga Walat ba: Yadda Ake Gano Inda Kuɗin Ya Maƙale

Da yammacin wata Juma'a, wani matashi mai sayar da caja da gilashin waya a Kano ya tura naira 45,000 daga asusunsa na banki zuwa walat ɗinsa, domin ya biya dilan da ke jiransa. Alat na cire kuɗi ya shigo nan take. Ya buɗe walat, bai ga ko sisi ya ƙaru ba. Ya rufe manhajar ya sake buɗewa, ya kashe data ya kunna, shiru. Dila na ta kira, shi kuma yatsansa na kan maɓallin sake turawa.

Kusan duk mai amfani da walat ya taɓa shiga irin wannan hali. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne kuɗin ba ya ɓacewa a iska. Yana ɗaya daga cikin wurare biyu, ko a hannun bankin da ya tura ko a hannun kamfanin da ya karɓa, kuma akwai lambar da ke nuna wanne ne.

Hanyoyi biyu na haɗa banki da walat

Idan aka ce an haɗa asusun banki da walat, ana nufin ɗayan abubuwa biyu ne, kuma kowanne da irin matsalarsa.

Hanya ta farko ita ce taransifa ta yau da kullum. Walat irin su OPay da PalmPay suna ba mutum lambar asusu mai lambobi 10, wadda galibi lambar wayarsa ce aka cire mata sifilin farko. Sai ya shiga manhajar bankinsa, ya zaɓi sunan kamfanin walat a jerin bankuna, ya sa lambar, ya adana ta cikin waɗanda yake yawan tura wa kuɗi. A nan banki ne ke tura kuɗin, kuma yana bi ta NIP, tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna da NIBSS ke gudanarwa tun 2011.

Hanya ta biyu ita ce ɗaura katin ATM a cikin walat. Mutum zai sa lambar katin, da ranar ƙarewarsa, da lambobi uku na bayansa, sannan banki ya aiko da OTP zuwa layin da aka yi rajistar asusun da shi. A nan walat ce ke janyo kuɗin daga banki, kamar yadda ake sayayya a intanet. Shi ya sa katin da ba a buɗe masa sayayyar intanet ba yake ƙin ɗauruwa, ko da akwai kuɗi a asusun. Haka kuma wanda ya ɓatar da tsohon layinsa ba zai ga OTP ba har sai ya je banki ya sauya lambar.

Sanin hanyar da aka bi yana da amfani ranar da abu ya lalace, domin taransifar NIP tana zuwa da lambar da ake bin sawu da ita kai tsaye tsakanin banki da walat.

Matakin da walat take shi ne tarkon farko

Babban Bankin Najeriya ya raba walat zuwa matakai uku, gwargwadon bayanan da mai ita ya bayar. A mataki na farko, hada-hadar rana ba ta wuce naira 50,000, kuma abin da zai zauna a ciki ba ya wuce naira 300,000. A mataki na biyu iyakar rana naira 200,000 ce, ta ajiya kuma naira 500,000. Mataki na uku yana kaiwa naira miliyan 5 a rana, kuma ba shi da iyakar ajiya.

Tun Disamba 2023 babban bankin ya wajabta cewa walat ta mataki na farko sai ta kasance da BVN ko NIN, mataki na biyu da na uku kuma sai da duka biyun. Wanda ya manta BVN ɗinsa zai iya danna *565*0# a layin da ya yi rajista da shi, ta NIN kuma *346#, ana cire ɗan caji. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne saɓanin suna ko ranar haihuwa. Idan BVN na ɗauke da Muhammad, NIN kuma Mohammed, ko shekarar haihuwa ta bambanta, manhaja na iya ƙin ɗaga matakin. Gyaran BVN a banki ake yi, na NIN kuma wajen hukumar NIMC, kamfanin walat ba shi da ikon taɓa ko ɗaya.

A nan matsalar mai caja ta samo asali. Walat ɗinsa tana mataki na farko, kuma cinikin mako ya tara masa naira 270,000 a ciki. Ƙarin 45,000 zai kai ta 315,000, wato ta haye iyaka da naira 15,000. Bankinsa ba ya ganin abin da ke cikin walat, saboda haka ya cire kuɗin ya tura. A irin wannan yanayi kamfanin walat ko dai ya ƙi karɓa kuɗin ya koma, ko ya riƙe shi har sai an ɗaga matakin. Da ya sake turawa, da naira 90,000 ce ta maƙale maimakon 45,000.

Abin da ke faruwa cikin daƙiƙun nan

Taransifar NIP tana da zango biyu. Da farko banki yana tambayar ɗaya ɓangaren ko wane ne mai wannan lamba, shi ne lokacin da suna ke bayyana a fuskar waya. Idan sunan bai fito ba, ko ya daɗe yana juyawa, alama ce cewa sabis ɗin wancan ɓangaren ba shi da lafiya, kuma hikima ita ce a dakata. Idan kuma wani suna daban ya fito, to ko lambar ce ba daidai ba ko an zaɓi kamfanin da ba shi ba. Wannan na faruwa sosai, domin lambar waya ɗaya na iya zama asusu a walat fiye da ɗaya.

Zango na biyu shi ne na kuɗin kansa. Banki ya cire, ya aika saƙo ta NIBSS, ya jira amsa. Alat ɗin da ke shigowa shaida ce kawai cewa an cire, ba shaida ba ce cewa an karɓa. Abin dubawa shi ne matsayin taransifar a tarihin hada-hadar manhajar banki.

Idan an rubuta Failed, ɗaya ɓangaren bai karɓa ba, kuma bankin da ya cire ne zai mayar. Idan an rubuta Pending ko Processing, banki ya aika amma amsa ba ta dawo ba, kuɗin zai iya shiga daga baya ko ya dawo. Wannan ne matsayi mafi haɗarin sake turawa, domin duka biyun na iya shiga. Idan kuwa an rubuta Successful alhali walat ba ta nuna komai ba, to saƙon ya isa, kuma kamfanin walat ne ke da amsa.

Lambar da ke raba gardama

Kowace taransifar NIP tana da Session ID, lamba mai tsawon lambobi 30. Shida na farko suna nuna bankin da ya tura, goma sha biyu da ke biye suna ɗauke da kwanan wata da lokaci har zuwa daƙiƙa, sauran kuma sun keɓance wannan taransifa ita kaɗai. Ana samun ta a rasit ɗin manhaja, wasu bankunan kuma sai an nema a wajensu, musamman idan da lambar USSD aka yi aikin.

Ba ɗaya take da lambar Reference ba. Wannan ta cikin gida ce, bankin da ya ba da ita ne kawai ya san ta. Session ID kuwa banki da NIBSS da kamfanin walat duk suna ganin ta, shi ya sa take kawo ƙarshen wasan da banki zai ce ya tura, walat ta ce ba ta gani ba.

Mai caja ya duba rasit ya ga Successful. Ya kwafi Session ID, ya shiga sashen taimako na cikin manhajar walat, ya aika ta tare da adadin kuɗi, lokaci da hoton rasit. Amsar da ya samu ita ce kuɗin yana riƙe saboda iyakar ajiya. Ya ƙara NIN a kan BVN ɗinsa, ya ɗauki hoton fuska, matakin ya ɗaga, kuɗin ya sauka. Da ya tafi layin banki, da ya ɓata yini a wurin da ba su da abin yi masa.

Idan an yi shiru

Ƙa'idar da babban bankin ya fitar a 2018 kan tura kuɗi nan take ta tanadi tarar naira 10,000 ga bankin da bai mayar da kuɗin taransifar da ta faɗi ba cikin awa 24, idan an kai ƙorafi. Saboda haka bayan awa 24 ba sauran dalilin zaman jira. A shigar da ƙorafi a rubuce, ta manhaja ko imel ko a reshe, a kuma karɓi lambar ƙorafin. Kafin nan yana da kyau a duba ragowar kuɗin asusu da bayanin shige da fice, domin sau da yawa kuɗi na dawowa ba tare da alat ba.

Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, ana iya ɗaukaka maganar zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na babban bankin ta cpd@cbn.gov.ng, tare da Session ID, lambar ƙorafin da shaidar cewa an fara kai wa banki ko kamfanin walat.

Lokacin jiran nan ne 'yan damfara suka fi so. Mutum na rubuta kukansa a ƙarƙashin shafin kamfani a Facebook ko X, sai wani shafi mai tambari iri ɗaya ya biyo shi ta saƙon sirri, ya ce zai dawo masa da kuɗinsa idan ya ba da OTP ko PIN. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki. OTP na fitar da kuɗi ne, ba na shigo da shi ba, kuma ma'aikacin gaskiya Session ID zai tambaya.

Wanda ya buɗe sabuwar walat zai rage wa kansa wahala idan ya fara gwada ta da naira 500, ya duba sunan da ya fito, ya gano inda Session ID take a rasit ɗin bankinsa, sannan ya duba matakin walat da iyakarta kafin ranar da dila zai tsaya a kansa.