Rumfa ɗaya, kwana uku: abin da baje koli ya koya mana

Ƴan uwa mata, bara bayan kaka ƙungiyarmu ta kama rumfa a wani baje koli na kwana uku a cikin garin Maraɗi. Mu 25 ne a asusunmu, kuma sana'ar mafi yawanmu man gyaɗa ne da ƙuli-ƙuli. Tunda wasu ƙungiyoyi suna ta tambayarmu ko akwai riba, ga lissafin yadda yake.

Rumfa ta ci jika 25, mota zuwa da dawowa jika 12, kwalabe da takardun liƙawa jika 8, abincin mata uku da muka wakilta jika 5. Jika 50 ke nan, rance daga asusu. Mun sayar da mai lita 60 da ƙuli-ƙuli, muka tashi da jika 120. Da muka cire kuɗin gyaɗa, itace da niƙa, jika 85, sai jika 35 ta rage. Wato mun dawo gida da giɓin jika 15. A zaman da ya biyo baya wasu sun ce kada a sake.

Abin da ya fid da mu shi ne wani ɗan littafi da magatakardarmu ta ajiye a kan tebur. Duk wanda ya ɗanɗana ƙuli ya tambayi farashin sari, sai ta rubuta sunansa, lambar wayarsa da abin da yake sayarwa. Kowace kwalba kuma tana ɗauke da sunan ƙungiya, garinmu da lamba ɗaya tak, don kada mai saye ya rasa wadda zai kira. Mun dawo da sunaye 18. Cikin mako guda muka kira su duka, tun ba su manta da mu ba. Biyu ne suka zama masu sayenmu na kullum.

Ta farko mai gidan abinci ce, tana ɗaukar jarka mai lita 25 duk mako biyu. A farashin sari dala 40 muke samu a lita, wato jika 5 a jarka. Jarka uku, mako shida, giɓin ya cike.

Na biyun mai kilishi ne. Shi ba mai yake so ba, tunkuza yake so, wadda ake haɗa labu da ita a shafa wa nama. Shi ya ce mana: "Hajiya, in kuna son ciniki mai yawa, kada ku bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ku je wajen Sarkin Fawa." Muka tura dattijai biyu daga cikinmu da goro da tunkuza kaɗan don gwaji. Sarkin Fawa ya ba mutanensa suka gwada, ya yi magana a zamansu, sai ga masu kilishi huɗu. Haka ƙungiyar sana'a take: bakin shugaba ɗaya ya fi yawon wata guda a kasuwa, amma in kaya ya ɓaci, a rana ɗaya kowa zai ji.

Mu ma mun kusa ɓata. A jarka ta huɗu mun haɗa man mata huɗu, ashe ɗaya gyaɗarta ta ƙone wajen suya. Man ya yi duhu, ga ɗaci. Mai gidan abincin ta maido shi, ta ce ba irin wanda ta gani a rumfa ba ne. Gaskiya ta faɗa. Muka sake mata wani, mu muka biya mota.

Tun daga nan muka kafa doka. Muna ajiye kwalba ɗaya ta man da mai saye ya yarda da shi. Mata biyu suna ɗaga man kowa a hasken rana kusa da ita, su shinshina, su ɗanɗana, kafin a zuba a jarka. Mai yana kwana uku ya kwanta, sannan a tace da tsabtataccen ƙyalle. Jarka kuma sai ta bushe sarai, domin ɗigon ruwa yana sa mai ya yi saurin wari.

Akwai kuma wanda muka ƙi. Wani ɗan kasuwa ya nemi jarka 10 duk wata, bashi. Mun auna hannunmu, muka ga shida ne iyakarmu, kuma kuɗin asusu ba na ba da kaya bashi ba ne. Yanzu duk sabon mai saye yana biyan rabi kafin mu kai kaya tasha.

Bana in Allah ya yarda za mu koma, amma mun shirya da wata ƙungiya mai garin ɗanwake mu raba kuɗin rumfa da mota. Kasonmu zai sauko daga jika 37 zuwa 18 da rabi. Littafin nan kuwa shi za mu fara sakawa cikin kaya.