Ƙararrawar waya ta ƙi bugawa: ina matsalar take?

Mutum ya saita ƙararrawa ƙarfe huɗu da rabi don sahur, ko don ya riski motar farko a tasha, sai ya farka ya tarar gari ya waye. Abin da yake fara zargi shi ne ya bar wayar a Silent. Sau da yawa kuwa Silent ba ta da laifi. Masu ƙera waya sun tsara agogon da ke zuwa da ita ta yadda zai yi ƙara ko an hana kira da saƙonni yin sauti, domin sun san mai barci yana son shiru daga mutane amma yana son a tashe shi. Matsalar ta fi zama a wurare biyu: ko ƙararrawar ta buga ba a ji ba, ko an rufe manhajar da za ta buga tun cikin dare.

Waya takan bar alamar da za a rarrabe su. Idan da safe ka ga sanarwar Missed alarm a fuskar wayar, to lokaci ya yi, agogo ya yi aikinsa, sautin ne bai isa kunne ba. Idan kuwa babu wata alama, sai a duba wajen batir.

Mu fara da sauti. A wayar Android ba ma'aunin ƙara ɗaya ba ne. Akwai na waƙa da bidiyo, akwai na ƙarar kira, akwai na sanarwa, sannan akwai na ƙararrawa, kowanne yana zaman kansa. Tun daga Android 9 da ya fito a 2018, maɓallan da ke gefen waya sautin waƙa da bidiyo suke ɗagawa idan ba a sauya tsarin ba. Saboda haka wanda ya danna maɓallin gefe har ƙurewa kafin ya kwanta, bidiyonsa ya ƙara wa murya, na ƙararrawa yana nan inda yake, ko da a ƙasa ne ƙwarai. Gyaran shi ne a shiga Settings, a buɗe Sound, a ɗaga layin da aka rubuta Alarm. A wayoyin Samsung ana saita ƙarfin ne a cikin ƙararrawar kanta, wajen zaɓen sauti, kuma a saitin Clock akwai zaɓin da ke kashe muryar ƙararrawa idan an kashe sautin waya. Wannan na cikin wurare kaɗan da Silent ke iya zama sanadi.

A iPhone tsarin daban ne. Ƙararrawa tana bin ma'auni ɗaya da ƙarar kira, wanda ke cikin Sounds & Haptics. Idan an kunna Change with Buttons, yaro da ke wasa da waya zai iya rage shi da maɓallin gefe ba tare da kowa ya lura ba. Haka kuma idan sautin ƙararrawar yana kan None, jijjiga kawai za ta yi, jijjiga a kan katifa kuwa ba ta tada mai nauyin barci. Wayoyin da ke buɗewa da fuska suna da Attention Aware Features, wanda ke rage ƙara idan wayar ta ga ana kallonta. Akwai kuma Do Not Disturb: a Android yana barin ƙararrawa ta wuce, sai in an cire Alarms daga jerin abubuwan da aka yarje wa.

Batun batir ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma ya fi shafar mu da ke kwana muna tattalin caji saboda rashin wuta. Manhajar agogo ba ta zama a farke tana ƙirga mintoci. Takan bar wa tsarin wayar saƙo ne cewa a tashe ta ƙarfe kaza, sannan ta kwanta. Tun 2015 Android ya shigo da Doze, wato barcin da waya ke shiga idan an ajiye ta ba a taɓawa, amma an ware ƙararrawar agogo ta gaske, tana ratsa wannan barcin. Abin da ba ta tsira daga gare shi shi ne rufewar dole. Idan aka yi wa manhaja Force stop, duk saƙonnin da ta bari sai a goge su, ba za su dawo ba sai an sake buɗe ta. Wasu kamfanoni sukan ƙara nasu matakan tsimin batir masu tsanani, manhajojin share waya ma sukan yi aiki mai kama da haka. Agogon da ya zo da waya yawanci yana da kariya. Wanda aka sauko da shi daga baya, irin manhajar kiran salla ko ta tunatar da shan magani, shi ne ke shan wahala.

A ɗauki misalin ɗalibar da ta dogara da manhajar lokutan salla don sahur. Ƙarfe sha ɗaya na dare cajinta ya sauka zuwa kashi 18, ga ba wuta. Ta kunna tsimin batir mafi tsanani, wanda ke barin manhajoji ƙalilan kawai, ta kuma danna maɓallin share duk abin da ke buɗe. Manhajar sallar ba ta cikin waɗanda aka bari. Ƙarfe huɗu da rabi ya yi, babu wanda zai buga. Da safe ta tarar da caji kashi 14, sauti a sama, babu sanarwar komai. Cajin da ya rage ya nuna wayar ba ta mutu ba, rashin sanarwar kuma ya nuna an hana manhajar tashi.

Maganinsa matakai uku ne. A shiga bayanan manhajar a Settings, a mayar da batirinta Unrestricted, ko a cire ta daga jerin Sleeping apps a Samsung. A wayoyin da ke da zaɓin Auto-start, irin Tecno, Infinix da Xiaomi, a kunna mata shi. Sannan a duba Alarms & reminders, izinin da ya shigo da Android 12 a 2021, wanda idan babu shi manhaja ba ta iya buga ƙararrawa daidai kan minti. Wannan 'yancin yana cin ɗan caji, don haka manhajar da ake buƙata da asuba kaɗai za a ba.

Gwaji ma iri biyu ne. Saita ƙararrawa bayan minti biyu yana nuna ko sauti ya isa, amma ba ya kama matsalar batir, domin wayar ba ta riga ta shiga barci ba. Don wannan sai a saita ta bayan awa biyu da rana, a cire caji, a kunna tsimin batir kamar yadda ake yi da dare, a ajiye wayar ba a taɓa ba. Idan ta buga, za ta buga da asuba.

Kafin a ɗora wa waya laifi, yana da kyau a duba ko an zaɓi PM a maimakon AM, da kuma ranakun da aka ce ta maimaita. A tuna kuma cewa tsofaffin wayoyin Nokia suna bugawa ko a kashe suke, amma iPhone da wasu wayoyin yau da dama ba sa yi. Duk ranar da makara za ta jawo asara, kamar ranar jarrabawa ko tafiya, a saita agogon da ya zo da wayar, a bar manhajar waje ta zama ƙari a kansa.