Layin Farko a Takardar Tura Mara Lafiya

Takardar tura mara lafiya wasiƙa ce da likita ke rubuta wa wani likitan idan ciwo ya fi ƙarfin kayan aikin da yake da su. Galibi akan rubuta ta bi da bi yadda abin ya faru: ranar da mara lafiya ya fara zuwa, abin da ya faɗa, gwaje-gwajen da aka yi, sai can ƙasa a ambaci abin da ake nema. Wannan ya fi wa mai rubutu sauƙi. Amma mai karɓa sau da yawa a tsaye yake karantawa, ga jama'a na jiransa, kuma da layin farko yake yanke ko a shigo da mutum yanzu ko ya bi layi.

A ɗauki misalin mace mai cikin mako 34 da aka turo daga ƙaramin asibiti. Takardar ta fara da yawan haihuwarta, da ranar da ta soma awo, da zazzaɓin cizon sauron da ta yi a wata na biyar. Sai a layi na tara aka rubuta cewa awon jininta ya kai 170/115. Ga mai ciki, 160/110 ma ya riga ya shiga matakin haɗari, don haka abin da zai iya kashe ta shi aka binne a ƙasa.

Da aka gyara, takardar ta buɗe da cewa: "Ana roƙon a kwantar da ita yau, a duba ko lokacin fitar da jaririn ya yi. Ciki mako 34, awon jini 170/115, furotin a fitsari, ciwon kai mai tsanani tun asuba. Ana tsoron jijjiga."

Bayan wannan sai abin da aka riga aka yi mata, tare da lokacinsa: an ba ta magnesiyam salfet giram 14 da ƙarfe 10 na safe. Rubuta lokacin wajibi ne, domin allura ta gaba bayan awa 4 ake yin ta. In babu shi, ana iya jinkirtawa har ta jijjiga, ko a maimaita da wuri maganin ya danne mata numfashi. Daga nan tarihi ya biyo, ana farawa da wanda ya shafi tambayar: ko jininta ya taɓa hawa a cikin da ya gabata, da magungunan da take sha. Zazzaɓin wata na biyar ya koma ƙarshe.

Sauya wa jimloli wuri yana da tarko. Kalmomi irin su "washegari" ko "maganin nan" sukan rasa abin da suke nuni gare shi, sai an maye gurbinsu da kwanan wata da sunan magani. Idan an gama, a rufe takardar da hannu a bar layi biyu na sama, a ga ko sun faɗi abin da ake nema da kuma saurin da ake buƙata.