Talla biyu, kaya ɗaya: yadda ake gane wadda ta fi kawo ciniki

A shekarar 1923 wani ɗan Amurka mai sana'ar rubuta talla, Claude Hopkins, ya fitar da littafi mai suna Scientific Advertising. Hujjarsa ita ce mai talla ya daina dogara da ɗanɗanonsa, ya ƙirga masu saye. A zamaninsa ana buga talla a jarida haɗe da ƴar takardar da mai son kaya zai yanka ya aiko, kowace talla da alamarta a jikin takardar, don a san wadda ta jawo shi. Daga baya wasu jaridu suka riƙa buga talla iri biyu a fitowa ɗaya, rabin kwafe da wannan, rabi da waccan. Yau a Facebook da Instagram ake yin wannan aikin, kuma a Ads Manager na kamfanin Meta akwai wurin da aka rubuta A/B Test dominsa.

A ɗauka wata mai sayar da turaren wuta ce take son gwadawa. Talla ta farko ta ce a kawo kaya har gida kyauta. Ta biyu ta ce an rage naira 500 a kowace kwalba. Hoto ɗaya, farashin asali ɗaya, kuɗin talla daidai, kwanaki iri ɗaya. Jimlar nan kaɗai ta bambanta. Idan ta canza hoto da rubutu a lokaci guda, ko da ɗaya ta yi nasara ba za ta san dalili ba. Idan kuma ta saki ta farko a ƙarshen wata, lokacin da albashi ya shiga, ta biyu a tsakiyar wata, to aljihun mutane ta auna.

Akwai wani tarko da ba kowa ya sani ba. Idan aka zuba tallace-tallace biyu a rukuni ɗaya ba tare da an bi ta hanyar gwajin ba, manhajar kan karkata kuɗi ga wadda ta fara jan hankali, ɗayar kuma ta kwana da yunwa. Hanyar gwajin ce ke raba masu kallo gida biyu bisa ƙuri'a, ba wanda zai ga duka biyun.

Me za a ƙirga? Kuɗin da ya shigo. Dannawa da yabo a ƙarƙashin hoto suna da daɗin gani, amma talla mai alkawarin rangwame takan tara masu tambayar "nawa ne?" da ba sa komowa. Tunda yawancin ciniki a WhatsApp yake ƙarewa, sai a sa wa kowace talla saƙon buɗewa daban, ko kalmar da mai saye zai faɗa, a rubuta a littafi.

Sai karatun sakamako, kuma nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. A ce bayan mako guda ta farko ta kawo masu saye 30, ta biyu 22. Zuciya za ta ce an gama magana. Ba a gama ba. Ga ma'auni mai sauƙi, muddin an raba masu kallo daidai: a haɗa lambobin biyu, a danna alamar √ a kalkuleta, a ninka abin da ya fito sau biyu. Haɗin 30 da 22 ya ba da 52, √ ta ba da kusan 7, ninki biyu kusan 14. Tazarar da ke hannu 8 ce kawai, ba ta kai 14 ba, don haka sa'a kaɗai za ta iya haifar da ita ko da tallar iri ɗaya ce sak. Da a ce 300 ne da 220, ma'aunin zai zama kusan 46, tazara kuma 80, sai a yarda ta farko ta fi. Kason bambancin bai canza ba, yawan shaidu ne ya ƙaru.

Shi ya sa ake tsai da ranar rufe gwaji tun kafin a fara, aƙalla cikakken mako don Juma'a da Lahadi su shiga lissafi. Wanda ke leƙawa kowace safiya, ya tsayar da gwaji ranar da tallar da yake so ta wuce gaba, ya yi alƙalanci ne da son rai.

A ganina ƙaramin ɗan kasuwa bai kamata ya ɓata kuɗi wajen gwada waƙafi ko launin rubutu ba, domin ba shi da yawan masu saye da zai nuna ƙaramin bambanci. Ya gwada manyan abubuwa, irin alkawarin da tallar ke yi. Kuma ko ta farko ta yi nasara, sai mai turare ta cire kuɗin ɗan acaɓa mai kai kaya daga ribarta, ta cire naira 500 daga kowace kwalbar ta biyu, sannan ta ga wadda ta bar mata saura mai yawa.