Wa ke da ikon soke ciniki a shagonka?

A shaguna da yawa da suka ɗora kwamfuta a kan kanta, lambar sirri ɗaya ce, ta maigida, kuma kowa ya haddace ta. Manhajar ba ta san fuska ba. Duk wanda ya buga lambar nan, a wurinta shi ne mai shago.

A ce shagon sari ne a Kasuwar Singa da ke Kano. Mai saye ya ɗauki katan 10 na taliya a kan naira 20,000 kowanne, ya biya 200,000 a hannu, aka ba shi rasit ya tafi. Idan kashiya na da ikon soke ciniki, sai ya soke wannan bayan fitar mutumin, ya sa kuɗin a aljihu. Da dare kuɗin durowa ya yi daidai da lissafin kwamfuta. Abin da zai tona asiri shi ne sito, domin katan 10 sun fita amma kwamfuta na cewa suna nan. To idan kashiyan na iya gyara adadin kaya ma, ya rubuta cewa ruwa ya lalata su, shi ke nan an binne maganar.

Maganin shi ne a ɗaura izini a kan muƙami, kowa kuma ya shiga da sunansa. Kashiya ya sayar, ya karɓi kuɗi, ya buga rasit. Ba ya sokewa, ba ya sauya farashi, ba ya ganin nawa aka saro kaya, balle riba. Mai kula da sito ya shigar da abin da mota ta sauke, ya ƙirga, amma ba ya taɓa ciniki, kuma rage adadi sai da sahalewar maigida. Manhajar Loyverse, misali, tana zuwa da muƙamai huɗu: Owner, Administrator, Manager da Cashier. Na sito, kai za ka ƙirƙira.

Kada kuma a matse da yawa. Kashiya zai yi kuskure, ya buga 11 maimakon 1, ga layi. In babu mai sahalewa a kusa, Alhaji zai gaji da kira ya karanto masa lambarsa ta waya, an koma gidan jiya. Gara a ba amintacce ɗaya muƙamin manaja, da ikon sokewa kaɗai.

Tsarin ba ya hana kashiya da mai sito haɗa baki. Wannan sai ƙirgar bazata. Amma yana barin sawu. Kowane mako ka buɗe jerin cinikin da aka soke, ka ga sunan wa da ƙarfe nawa. In ka ga sunanka a lokacin da kake masallacin Juma'a, lambarka ta fita, ka canza ta a ranar.