Shawarar Jarirai: Yadda Ake Karanta Sakamakon Gwajin Bilirubin

Masu jego da yawa kan koma gida kwana ɗaya da haihuwa, ko ma ƙasa da haka, alhali shawarar jarirai ta fi tsananta ne tsakanin kwana na uku da na biyar. Shi ya sa iyaye ne kan fara ganin idon jariri ya yi rawaya. Idan aka kai shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, aka ɗebi jini, sai a miƙo takarda mai ɗauke da lamba. Lambar nan ba ta faɗin komai ita kaɗai, sai an haɗa ta da awoyin da jaririn ya yi a duniya.

Bilirubin sinadari ne mai launin rawaya da ke fita idan jajayen ƙwayoyin jini suka mutu. Hanta ce ke tace shi, ya fita ta kashi. Jariri yana zuwa da ƙwayoyin jini masu yawa kuma masu gajeren rai, ga hantarsa ba ta gama ƙwari ba, don haka kusan jarirai 6 cikin 10 da suka cika wata tara kan yi shawara a makon farko. Galibi takan wuce. Amma in sinadarin ya yi yawa ainun, yakan shiga ƙwaƙwalwa ya bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har abada.

Da farko a duba ma'aunin da ke gefen lambar. Wasu ɗakunan gwaji na rubuta mg/dL, wasu kuma µmol/L. Ana ninka na farko sau 17 a sami na biyu, wato 15 mg/dL kusan 255 µmol/L ke nan.

Daga nan likita zai ɗora lambar a jadawali. A ƙasan jadawalin awoyin haihuwa ne, a gefe kuma yawan bilirubin. Layuka biyu ne suka ratsa shi: na ƙasa yana nuna inda ake fara sa jariri a fitila mai shuɗin haske, na sama kuma inda ake canza masa jini. A jadawalin hukumar NICE ta Birtaniya, wanda ya fito a 2010, layin fitila ga jaririn da ya kai mako 38 a ciki yana kan 200 µmol/L a awa 24, ya kai 250 a awa 48, sai 300 a awa 72, ya tsaya a 350 daga awa 96. Layin canjin jini kuwa 300 ne a awa 24, ya tsaya a 450 daga awa 42.

A ce jarirai biyu ne, kowanne sakamakonsa 255. Na farko awarsa 30 da haihuwa, inda layin fitila yake kan 212. Ya haye layin, kuma saurin hawan na iya zama alamar cewa wani abu na farfasa jininsa, don haka kwanciya ta kama shi nan take. Na biyu ya cika awa 96, yana shan nono sosai, kuma saura 95 ya taɓa layin. Shi likita na iya sallamarsa, tare da sa ranar da za a dawo da shi. Saboda haka, a rubuta ƙarfe nawa aka haihu, domin "shekaranjiya da dare" ba ta isa lissafi ba.

Layin kan sauko ga bakwaini, wanda ke da nasa jadawalin. Likita kan kuma fara magani da wuri idan jaririn na da cuta a jini, ko jininsa ya saɓa da na uwarsa, ko yana da ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya zama ruwan dare a Nijeriya, musamman ga maza. Jariri mai ƙarancin G6PD, kafur ɗin da ake jefawa cikin akwatin kayansa ko lalle a fatarsa na iya farfasa masa jini cikin ɗan lokaci.

In an kunna fitila, ana rufe idon jariri, a tuɓe shi, a ci gaba da ba shi nono akai-akai. Ana maimaita gwaji bayan awa 4 zuwa 6, kuma ana kashe fitilar ne idan lambar ta sauka ƙasa da layin da aƙalla 50. Ruwan gulukos, jiƙe-jiƙe da shanya jariri a hantsi ba sa maye gurbin wannan.

Akwai lokutan da ba a jiran komai: rawaya a awa 24 na farko, rawayar da ta kai tafin hannu ko ƙafa, ƙin kama nono, barcin da ba ya tasuwa, kuka mai tsini, ko banƙarewa. Haka nan shawarar da ta wuce mako biyu tare da farin kashi, domin tana iya nufin toshewar hanyar matsarmama. Kullum da rana, a danna hancin jariri da yatsa, a duba dasashinsa da farin idonsa. In an ga rawaya, a kai shi gwaji a ranar, kada a ce sai an yi suna.