Yadda ake gano kuɗin kayan da gobara ta cinye

In wuta ta cinye shago, kamfanin inshora ba ya biya a kan rantsuwa, toka kuwa ba ta ƙirguwa. Abin da masu lissafi ke yi shi ne su bi sawun kayan ta hanyar ribar da ɗan kasuwa ya saba samu.

A ɗauka wani ɗan kasuwa ne a Gangara mai saro shinkafa, sukari da mai daga Maraɗi. Da ya ƙidaya kayansa a farkon shekara, sun kai sefa 4,000,000 a farashin sari. Daga nan zuwa ranar gobara ya saro na 11,000,000, ya biya kuɗin mota 500,000. Ke nan kayan 15,500,000 ne suka shiga hannunsa. Littafinsa kuma ya nuna cinikin 12,500,000.

Wannan ciniki da riba a cikinsa, sai an fitar da ita. Lissafin shekarun baya ya nuna cewa a kowace ɗari ta ciniki, 20 riba ce kafin a cire haya da albashin yaran shago. To, uwar kuɗin abin da ya sayar 10,000,000 ce. A ɗebe ta daga 15,500,000, saura 5,500,000: kayan da ya kamata a ce suna shago a daren. In an tsamo na 700,000, asara ta tsaya a 4,800,000.

Inda aka fi zamewa shi ne wajen ribar nan. Ɗan kasuwa zai ce yana ɗora 25 a kan kowace ɗari, kuma gaskiya ya faɗa: ya saya ɗari, ya sayar 125. Amma 25 cikin 125 kashi 20 ne na ciniki. Wanda ya cire kashi 25 daga cinikin zai kumbura asarar da 625,000, kuma mai binciken kamfani zai gane da zarar ya gwada rasit ɗin sari da farashin sayarwa. Haka bashin da aka bai wa maƙwabta ba a rubuta ba, da buhun da aka kai gida: lissafi zai ɗauka sun ƙone, alhali sun daɗe da fita. In kuma farashi ya yi tsalle a bana, ribar bara ba ta zama ma'auni ba sai an gyara ta.

Littafi ma yakan ƙone (shi ya sa kwana da shi a shago ganganci ne). A nan sai a nemi kwafin rasit wajen dilolin Maraɗi.

Ko lissafi ya fita daidai, ba lalle a biya duka ba. Dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta tanadi cewa wanda ya yi inshorar ƙasa da darajar kayansa shi zai ɗauki rabonsa na asarar, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka. In ɗan kasuwarmu inshorar 4,400,000 ya yi, wato huɗu bisa biyar na 5,500,000, abin da zai karɓa 3,840,000 ne.